Gargadar da Gudu Ke Bari a Jikin Abin da Firintar 3D Ta Buga

Ka ɗauki akwatin roba da firintar 3D ta buga da sauri, ka karkata shi zuwa hasken taga, ka dubi bangonsa daf da kusurwa. Sau da yawa za ka ga wasu layuka a tsaye, ɗaya na bin ɗaya, na farko ya fi fitowa, na biyu ya ɗan dushe, na biyar ko na shida kuwa sai ka ƙura ido. Idan akwai harafi ko rami a bangon, siffarsa za ta maimaitu a gefensa sau uku ko huɗu, tana dishewa har ta ɓace. Ka shafa da farce, za ka ji ƙaramar gargada. Masu wannan sana'a kan kira ta fatalwa ko amsa-kuwwa, domin babu ita a zanen da aka ba na'urar, kuma ba ta bayyana sai a bayan wurin da kan firintar ya yi kwana.

Irin firintar da nake magana a kai ita ce mai narkar da zaren roba, ta fitar da shi ta wani siririn nozul, tana jera shi sahu bisa sahu har abu ya tashi. Kan da ke ɗauke da nozul ɗin ƙananan injinan lantarki ne ke jan sa ta hanyar bel mai haƙora. A ido komai ƙarfe ne da roba mai ƙwari, amma babu ɗayansu da ba ya ɗan bayarwa. Bel yana miƙewa kaɗan, gangar jikin na'urar tana lanƙwasa kaɗan, tayoyin da kan ke tafiya a kansu suna da ɗan wasa. To idan inji ya tsaya cak a kusurwa, kan da ke da nauyinsa ba ya tsayawa tare da shi. Yakan zarce kaɗan, bel ya dawo da shi, ya sake zarcewa ta ɗaya gefen, haka zai yi ta karkarwa har ƙarfinta ya mutu. Duk wannan yana faruwa ne alhali nozul ya riga ya kama sabon bango yana zuba roba, don haka kowace karkarwa sai ta zauna a jikin robar. Kuma da yake kowane sahu a wuri guda yake yin kwanar, tudun wannan sahu yana hawa daidai kan tudun na ƙasansa, shi ya sa ake ganinsu layuka a tsaye.

Mutane da yawa suna ɗora laifin a kan gudu, alhali rabin gaskiyar ke nan. Kan da ke tafiya a miƙe da milimita 200 a sakan ba ya karkarwa don gudun kawai. Abin da ke tayar da karkarwa shi ne fizga, wato yadda ake ɗaukar gudu ko a sauke shi farat ɗaya. Ana auna ta da yawan gudun da ake ƙarawa a kowane sakan, kuma a allon na'ura za ka gan ta da lamba kamar 500 ko 3000. Firintar da aka sa wa 3000 tana kaiwa milimita 100 a sakan cikin tazarar da ba ta kai milimita 2 ba. Dalilin da ya sa gudu da gargada suke tafiya tare shi ne, a kan ƙaramin abu babu amfanin sa gudu mai yawa idan fizga ƙarama ce, domin kafin kan ya kai gudun bango ya ƙare. Mai son sauri dole ya ɗaga fizga, ita kuma ta zo da kayanta. Gudun yana da nasa hannun ta wani gefen: shi ke buɗa tazarar da ke tsakanin layukan har ido ya fi ganinsu.

Girman tudun bai taka kara ya karya ba. A na'urar da ke karkarwa sau 40 a sakan, fizgar 3000 tana karkatar da nozul da kimanin milimita 0.05. Ka ninka fizgar, karkacewar ta ninku. Wannan ba zai hana murfi shiga akwatinsa ba, amma a roba mai sheƙi, musamman baƙa, ido yana kama shi daga nesa, kuma mai sayen kaya da ido yake fara ciniki.

Turi biyu maimakon ɗaya

Tsohon magani shi ne a rage fizga, a haƙura da ɓata lokaci. Sabon magani, wanda ake gani a saitin na'ura da sunan `input_shaper`, gyara umarnin motsi ne tun kafin ya isa ga injinan, yadda motsin da kansa ba zai tayar da karkarwa ba. Duk wanda ya taɓa riƙe igiya da guga cike da ruwa a ƙasanta zai gane dabarar. Ka matsar da hannunka gefe gaba ɗaya a lokaci guda, guga zai yi ta lilo. Amma ka matsar da hannun rabin tafiyar kawai, ka dakata, guga zai biyo ka ya wuce ƙarƙashin hannunka har ya kai ƙarshen lilonsa, wanda ya yi daidai da inda kake son kai shi. A wannan ɗan lokacin da ya tsaya kafin ya juyo, sai ka ƙarasa matsar da hannun ya zama a bisansa. Guga zai tsaya cik. Ba ka riƙe shi ba, ba ka yi tafiyar a hankali ba, lokacin turi na biyu kawai ka sani.

Dabarar ta girmi firintar 3D nesa ba kusa ba. Otto J. M. Smith na Jami'ar California da ke Berkeley ya bayyana ta a 1957 da sunan Posicast. Daga baya Neil Singer da Warren Seering na MIT suka faɗaɗa ta a wani aiki da aka buga a 1990, suka nuna yadda za a sa ta jure kuskure a awo, kuma an daɗe ana amfani da ita a injinan ɗaga kaya na masana'antu don hana kayan da ke rataye yin lilo. Ta shiga manhajar Klipper, wadda Kevin O'Connor ya ƙirƙira, a 2020, ta hannun Dmitry Butyugin. Marlin, manhajar da ke cikin firintoci masu araha da yawa, ta samu nata a fitowa ta 2.1.2, inda ake saita ta da umarnin `M593`. Sababbin firintoci masu gudu, irin na Bambu Lab, da ita suke zuwa, kuma rurin nan da suke yi kafin su fara aiki, wanda ke tashi daga ƙasa-ƙasa zuwa siriri, awon karkarwarsu suke yi.

Mafi sauƙin nau'inta, mai suna ZV, turi biyu ne kamar na gugan. Ana raba kowane umarnin motsi gida biyu, a aika kashi na farko yanzu, na biyu kuma bayan rabin lokacin karkarwa guda. Karkarwar da kashi na farko ya tayar tana tafiya hagu a daidai lokacin da ta kashi na biyu ke tafiya dama, sai su kashe juna. A na'ura mai karkarwa sau 40 a sakan, karkarwa guda tana ɗaukar milisakan 25, don haka kashi na biyu yana zuwa bayan milisakan 12.5. Ba a raba su daidai wa daida, saboda kafin turi na biyu ya iso karkarwar farko ta riga ta ɗan yi sanyi. Bisa ƙiyasin da Klipper ke amfani da shi idan ba a sauya ba, na farko yana ɗaukar kimanin kashi 58 cikin 100, na biyu 42.

A lura da abu guda, domin a kansa komai ya rataya. Manhajar ba ta jin karkarwar yayin da ake bugu. Ba ta da ido a kan nozul. Lamba ɗaya aka ba ta, yawan karkarwa a sakan, ta yarda da ita. Idan lambar ba daidai ba ce, turi na biyu zai zo a lokacin da bai dace ba, gargada ta rage ko ta tsaya yadda take. Saboda haka aikin duka awo ne.

Auna karkarwa da rula

Mu ɗauki firinta irin ƙirar Ender 3 da aka sa wa Klipper. A wannan ƙirar kan yana tafiya hagu da dama, wato layin X, faranti kuma, wanda ake buga abu a kansa, yana tafiya gaba da baya, wato layin Y. Kowane layi da tasa karkarwar, domin nauyin da suke ja ba ɗaya ba ne.

Klipper tana da wata hasumiyar gwaji mai suna `ringing_tower.stl`, bangaye biyu masu ɗauke da tsaga da lanƙwasa da aka yi musamman don tsokano gargada. Ana buga ta fanko, da kaurin sahu na milimita 0.2, bango ɗaya ko biyu, gudun bangon waje kuma milimita 100 a sakan. Kafin a fara sai a kashe duk wani gyaran da ke aiki, sannan a sa fizga ta riƙa hawa tare da hasumiyar:

```
SET_INPUT_SHAPER SHAPER_FREQ_X=0 SHAPER_FREQ_Y=0
TUNING_TOWER COMMAND=SET_VELOCITY_LIMIT PARAMETER=ACCEL START=1500 STEP_DELTA=500 STEP_HEIGHT=5
```

Layi na biyu yana nufin a fara da fizgar 1500, a ƙara 500 a duk milimita 5 na tsayi. Ƙasan hasumiyar zai fito kusan sumul, samanta kuma gargada ɓaro-ɓaro. Idan na'urar ta fara jijjiga fiye da kima ko ta goce daga layinta, a tsayar da ita, abin da aka samu ya isa.

Akwai haruffan X da Y a jikin hasumiyar, kuma wanda bai sani ba zai ɗauka an juya su. Ba a juya ba. Bangon da ke miƙe gaba da baya shi ke nuna karkarwar hagu da dama, domin karkarwar da ke tura nozul ciki da wajen bango ita ce ke barin tudu, wadda ke bin tsawon bangon kuwa da kyar ake ganinta. Don haka a bi harafin da ke rubuce, kada a juya hasumiyar a kan faranti.

Yanzu sai a zaɓi wurin da layukan suka fito sosai, a tsallake na farko ko na biyu da ke manne da kusurwa, a ɗiga alama da alƙalami a kan wani tudu, a ƙirga gaba, a sake ɗiga wata. A ce a gefen Y an sami karkarwa 5 cikin milimita 12.5. Lissafin shi ne a ninka gudu da yawan karkarwa, a raba da tazara: 100 sau 5, raba da 12.5, ya ba da 40. Wato farantin yana karkarwa sau 40 a sakan, abin da ake rubutawa 40 Hz. A ce gefen X kuma ya ba da 6 cikin milimita 10, wato 60 Hz. Wannan bambancin shi ake sa rai, tunda kan ya fi faranti sauƙin nauyi.

Wurare biyu ake yawan tuntuɓe a nan. Na farko ƙirga: tsakanin tudu shida akwai karkarwa biyar, wanda ya ƙirga tudu maimakon tazarar da ke tsakaninsu zai sami 48 a inda ya kamata ya sami 40. Na biyu ya fi ɓuya. Manhajar da ke yanka zane zuwa sahu-sahu takan rage gudu da kanta idan sahu ƙarami ne, don roba ta sami lokacin hucewa. Idan ka nemi 100 ita kuma ta buga da 70 a ɓoye, layukan za su matsu zuwa milimita 1.75 tsakaninsu, kai kuma ka lissafa da 100 ka sami 57. Shi ya sa ake sauke mafi ƙarancin lokacin sahu zuwa sakan 3 ko ƙasa kafin gwajin.

Bayan haka sai a rubuta lambobin a cikin `printer.cfg`:

```
[input_shaper]
shaper_freq_x: 60
shaper_freq_y: 40
shaper_type: mzv
```

A sake buga hasumiyar, a ajiye ta kusa da ta farko a haske ɗaya. Idan awon ya yi daidai, bambancin ba ya buƙatar bayani.

Wanda ba ya son aikin rula zai iya ɗaura wa kan firintar ɗan ƙaramin ma'aunin girgiza mai suna ADXL345, ya ba da umarnin `SHAPER_CALIBRATE`. Na'urar za ta karkaɗa kanta daga kimanin 5 Hz har zuwa 133 Hz, ta ga inda girgiza ta fi ƙarfi, ta ba da shawarar lamba da nau'in gyara. Ya fi rula daidaito, kuma yana nuna abin da rula ba za ta iya ba, kamar na'urar da ke da karkarwa iri biyu a layi ɗaya. Sharaɗinsa shi ne a ɗaure shi da noti tam, domin idan yana rawa a mazauninsa tasa rawar zai auna. A firinta mai faranti mai tafiya kuma, awon Y a jikin farantin ake yin sa, ba a kai ba.

Ba kowane layi ne fatalwa ba

Kafin a ɓata yini ana awo, ya kamata a tabbatar ciwon da ake magani shi ne ke akwai. Bel ɗin yawancin firintocin nan, mai suna GT2, tazarar haƙoransa milimita 2 ce, kuma idan haƙoran ba sa hawa fuli sumul sukan bar layuka a tsaye masu tazarar milimita 2. A gudun 100, mai lissafi zai ce ya gano 50 Hz, lambar da ta yi kama da gaskiya ƙwarai, ya sa ta a saiti, ya ga babu abin da ya sauya. Hanyar rarrabewa mai sauƙi ce. Gargadar karkarwa tana farawa da ƙarfi a bayan kusurwa tana mutuwa a hankali, layukan bel kuwa iri ɗaya suke daga farkon bango har ƙarshe. Idan har yanzu da shakka, a rage gudu zuwa rabi a sake bugawa. Tazarar gargadar gaskiya za ta ragu zuwa rabi, domin karkarwar tana nan a lokacinta amma kan bai yi nisa ba tsakanin ɗaya da ɗaya. Ta bel ba za ta motsa daga milimita 2 ba. Haka nan cikon da ke cikin abu yakan nuna ta bango idan bangon siriri ne, shi kuma maganinsa ƙara kaurin bango.

Abin da ake biya

Raba umarni gida-gida yana nufin an shimfiɗa shi a kan lokaci, kuma kusurwar da aka shimfiɗa ba ta zama mai kaifi kamar da. Nan ne zaɓin nau'i ke shigowa. ZV shi ya fi gajarta, rabin karkarwa kawai yake ci, amma ba ya yafe kuskure ko kaɗan. MZV turi uku ne cikin kashi uku bisa huɗu na karkarwa, kimanin milisakan 19 a misalinmu na 40 Hz, kuma da shi aka fi farawa. EI yana cin karkarwa guda cur, amma yana aiki ko da ainihin lambar ta kauce da kusan kashi 20 cikin 100. Akwai masu tsawo fiye da haka, `2hump_ei` da `3hump_ei`, na ƙarshen yana cin karkarwa biyu, wato milisakan 50. An yi su ne don na'urar da ke da karkarwa fiye da ɗaya, kuma suna dakushe kusurwa da ƙananan rubutu yadda kowa zai gani. A jikin hasumiyar gwajin akwai wata 'yar tsaga ta milimita 0.15 da aka bari da gangan. Yayin da fizga ke hawa, tsagar tana buɗewa, kuma tsayin da ta fara buɗewa sosai shi ke gaya maka iyakar fizgar da ya kamata ka tsaya a kai, ko da bango ya fito sumul a sama da nan.

A ganina nan ne masu sayen firinta don sana'a suka fi cutar kansu. Suna ganin gargada ta ɓace sai su ɗaga fizga har ƙarshe, daga baya su tarar haƙoran giya da suka buga sun dakushe ko harafi ya cushe. An sauya aibin da ake gani daga nesa da wanda sai an zo haɗa kaya yake bayyana, kuma na biyun ya fi tsada.

Lambar da aka auna ma ba ta dawwama. Yawan karkarwa ya dogara ga abu biyu, ƙwarin na'ura da nauyin da take ja. A ce duk abin da ke tafiya a layin Y kilo 1 ne, sai aka ɗora gilashi a kan faranti ya zama kilo 1.4. Karkarwar za ta sauka daga 40 zuwa kimanin 34, faɗuwar kashi 15 cikin 100. MZV da aka saita a 40 zai fara barin gargada ta dawo, EI kuwa zai jure. Ko ba gilashi, abin da ake bugawa yana ƙara wa faranti nauyi yayin da yake tashi, shi ya sa a irin wannan ƙirar EI yakan fi dacewa da layin Y idan manyan abubuwa ake bugawa. Ɗaure bel, sauya kai, ko mayar da na'urar daga ƙasa zuwa teburi mai rawa, kowannensu dalili ne na sake awo.

Akwai kuma inda manhaja ba ta da abin yi. Karkacewar nozul tana raguwa ninki huɗu duk lokacin da yawan karkarwa ya ninku, don haka na'urar da ke 80 Hz tana jure fizga ninki huɗu na wadda ke 40 Hz kafin ta nuna gargada iri ɗaya, kuma gyaran da take buƙata rabin tsawon na waccan ne, kusurwarta ta fi kaifi. Idan awo ya ba da ƙasa da 25 Hz, ko tazarar layukan ta ƙi zama iri ɗaya, matsalar tana jikin ƙarfe. A kashe wuta, a riƙe nozul da yatsu biyu bayan ya huce a ɗan girgiza shi, a ji ko yana wasa. A taɓa bel a ji ko ya saki, a duba ƙaramin notin da ke riƙe fuli a jikin sandar inji, a juya kowace taya da yatsa a ga ko akwai mai zamewa ba tare da ta kama hanyarta ba. Naɗin zaren roba da ke zaune a saman firinta yakan kai kilo guda, kuma sauke shi zuwa gefe yana rage wa gangar jikin lilo. Sai an gama wannan ake buga hasumiya, domin duk notin da aka ɗaure bayan awo ya sauya lambar da aka auna.